Filin Ɗalibai: “Mun Yi, Mun Yi”, To Kai Me Ka Yi?

A wannan makon zan fara ne da tona wa kaina asiri.

Shekara biyu da suka wuce, bayan na gama sakandare a can wajenmu, tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, wata gidauniya mai ba da tallafin karatu ta kira ni intabiyu a cikin birnin Kano. Na kwana uku ina haddace sunayen ministoci da shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu, wai ko za a tambaya. Da na shiga, mutum uku ne a zaune, maza biyu da mace ɗaya, kowa da takarda da biro. Ba wanda ya tambaye ni sunan minista ko ɗaya. Matar ce ta ɗago kai ta ce, “Ba mu labarin wani lokaci da ka saɓa da wanda ya girme ka a kan wani aiki, da yadda kuka ƙare.”

Abin da ya fito daga bakina shi ne: “Ai mu a gidanmu an koya mana ladabi, ba ma jayayya da manya. Duk abin da ya taso mukan zauna mu sasanta cikin girmamawa.” Na ji daɗin amsar tawa ƙwarai. Sai na lura ba wanda ya rubuta komai. Ta sake cewa, “To, ba mu misali ɗaya.” Na yi shiru, na ce akwai da yawa, amma ba zan iya tunawa ba. Ban sami tallafin ba. Ko wannan amsar ce ta kayar da ni ko wata, Allah masani, amma ita ce ta dame ni a mota har muka wuce Minjibir, domin kuwa ina da labarin. Ina da shi cikakke, na wake ne, kuma za ku ji shi a ƙasa. Abin da na rasa shi ne yadda ake ɗauko shi a jera.

Irin wannan tambaya daban take da ta jarrabawa. Za ku gane ta da yadda take farawa: “Ba mu labarin lokacin da…”, ko “Ka taɓa samun kanka a…”, ko “Kawo misalin ranar da…”. Kullum baya take dubawa. Masu ɗaukar aiki sun daɗe da gano cewa idan aka tambayi mutum, “Kana da haƙuri?” kowa zai ce e. Idan aka ce, “Me za ka yi in an yi maka kaza?” kowa zai zama waliyyi a baki. Amma idan aka ce faɗi abin da ka taɓa yi, da rana da wuri, to nan ake rabuwa. Hujjarsu ita ce abin da mutum ya aikata jiya shi ya fi nuna abin da zai aikata gobe, kuma Bahaushe ya riga su faɗa da ya ce hali zanen dutse. Wani masani mai suna Tom Janz ya buga bincike a 1982 inda ya gwada irin wannan tambaya da hirar kara-zube wajen tantance mataimakan malamai a jami’a, ya sami cewa tambayar abin da ya wuce ta fi hango wanda zai iya aikin. Yau Majalisar Ɗinkin Duniya da irin wannan salo take tantance ma’aikatanta, kuma ƙungiyoyi da bankuna da masu ba da tallafin karatu da dama sun ɗauka. Kada ku ce ai mu da saura. Tallafin karatu, aikin wucin gadi bayan kammala aji shida, har zaɓen shugabannin ɗalibai a wasu makarantu, duk ana iya zaunar da mutum a jefo masa ita.

Dabarar amsawa wani kamfanin Amurka ne mai suna DDI, na William Byham, ya fito da ita a shekarun 1970. Asali ma don masu yin tambayar aka tsara ta, domin su san ko amsar da aka ba su ta cika ko da saura. Wannan ya kamata ku riƙe: takardar da ke gabansu tamkar tana da gurabe huɗu ne da suke jira ka cike musu. Idan kun nema a waya za ku same ta da sunan STAR, wato haruffan farko na kalmomi huɗu na Turanci. Mu a nan bari mu kira su da namu bakin: yanayi, nauyi, mataki, sakamako. Yanayi shi ne ina ne, yaushe ne, me ke faruwa. Nauyi shi ne abin da ya rataya a wuyanka kai kaɗai a cikin wannan yanayi. Mataki shi ne abin da ka yi da hannunka da bakinka, ɗaya bayan ɗaya. Sakamako kuwa shi ne inda aka kwana.

Jin su a jere haka ba ya koyar da komai, don haka ga labarin waken, kamar yadda ya kamata in ba da shi a ranar:

“Ranki ya daɗe, ina aji biyar na sakandare, da kaka muka sami wake buhu uku a gonar gidanmu. Mahaifina ya tafi ci-rani, ya bar al’amuran gida a hannun Baffana. A shekarar da ta gabata ƙwari sun cinye mana wake sosai a ajiya, saboda haka Baffa ya yanke shawarar a zuba maganin feshi a cikin buhunan kafin a ɗaure.

“Ni aka bar wa shanya da awo da ɗaurin buhu, wato da hannuna za a zuba maganin, kuma daga wannan waken ƙannena za su ci. Malaminmu na darasin noma ya koya mana haɗarin hakan, ya kuma nuna mana buhun nan mai ruɓi uku da ake ajiya ba magani. Ya zama dole in nemi yadda Baffa zai sauya shawara ba tare da ya ji na raina shi ba.

“Da ya faɗa a zaure gaban mutane ban ce komai ba. Na bari sai bayan sallar isha, na same shi shi kaɗai. Ban ce masa ya yi kuskure ba. Na ce ina roƙon ya ba ni buhu ɗaya cikin ukun in gwada abin da aka koya mana a makaranta, in ya lalace a cire daga gyaɗar gayaunata. Ya ce sayen buhun asarar kuɗi ne, sai na ce ni zan saya, na kuwa saya da kuɗin da na tara na dakon taki. Na ƙara wa waken kwana biyu a rana har ya bushe ƙarau, na sheƙe shi. Na hura iska cikin ledojin biyu na ciki don in tabbatar ba huji. Na zuba, na matse iskar, na ɗaure kowane ruɓi daban. Na ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, na roƙi mahaifiyata kada a buɗe shi ko an matsu. Sauran biyun kuma na roƙi Baffa a ware su a matsayin na iri da ba za a ci ba, ya amince da ɗaya.

“Bayan wata biyar, gab da shuka, muka kwance a gabansa. Kwano arba’in na zuba, kwano arba’in muka auna, ba gari a ƙasan buhu, ba huji in ban da ɗan abin da ya shigo da shi daga gona. Da kaka ta zagayo Baffa da kansa ya aike ni in sayo irin buhun guda huɗu. Buhu ɗaya dai an sa masa magani kuma an sayar da shi a shekarar farko, wannan ban iya hanawa ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, babba ya fi saurin yarda da abin da ya gani a kan abin da yaro ya faɗa masa, don haka yanzu ƙaramin gwaji nake nema kafin in nemi a sauya komai.”

Na karanta wannan da ƙarfi ina duba agogo, ya ɗan haura minti biyu. Kimanin haka ake so. Yanzu mu warware shi mu ga ɗinkin.

Dubi yanayin. Jimla uku ce kawai. Ban faɗi sunan ƙauyenmu ba, ban faɗi yadda damina ta kasance ba, ban shiga tarihin yadda kakanmu ya raba gonar ba. Nan ne mu ’yan karkara muka fi zamewa, domin mun tashi da jin labari irin na dandali, wanda sai an faro daga tushe. Idan ka ci minti ɗaya da rabi kana shimfiɗa, za a katse ka kafin ka zo wurin da ake ba da maki. Ma’aunin da nake amfani da shi: duk abin da in an cire shi mai sauraro zai fahimci sauran labarin, a cire shi. Tafiyar mahaifina ci-rani ta zauna saboda ita ta bayyana dalilin da ya sa maganar Baffa ce ta ƙarshe. Ɓarnar ƙwari ta bara ta zauna saboda ta nuna Baffa ba mugunta yake ba, asara yake gudu. Wannan na biyun yana da muhimmanci. Wanda ya ba da labarin saɓani ya mai da ɗaya ɓangaren wawa ko azzalumi, ya gaya wa masu tambaya yadda zai riƙa ba da labarinsu nan gaba.

Nauyi shi ne gurbin da aka fi tsallakewa, saboda yana kama da yanayi. Bambancinsu shi ne, yanayi na kowa ne, nauyi naka ne. Ƙwari a cikin wake matsalar gidan ce gaba ɗaya. Amma cewa ni zan ɗaure buhun, kuma ni na san haɗarin maganin, wannan ya sa abin ya hau kaina. In ba ka faɗi nauyin ba, mai sauraro ba zai san ko kai ne mai aikin ko ɗan kallo ba. Kuma ba sai an naɗa ka ba. Wani nauyin ba ka ake yi, wani kai kake ɗauka don ka ga ba mai ɗauka, duka biyun suna shiga, sai dai ka faɗi gaskiyar wanne ne.

Sai mataki, wanda shi ne dalilin rubuta wannan shafi. Ya kamata ya cinye fiye da rabin amsar. Ku koma ku ƙirga sau nawa na ce “na” a wannan sakin layi: na bari, na same shi, na saya, na hura, na ɗaure. Na san yadda wannan ke yi wa kunnenmu nauyi. A wurarenmu, inda gona ke manne da gona kuma gida ke jin tarin maƙwabci, kusan ba aikin da mutum yake yi shi kaɗai. Gandu na gida ne, gayya ta unguwa ce, ko yaro ya yi noma shi kaɗai tun safe, in an tambaye shi cewa zai yi “mun gama.” An kuma gaya mana yabon kai jahilci. To ga inda gizo ke saƙa: mutanen nan uku ba gidanku za su ɗauka ba, ba unguwarku za su ba tallafi ba. Kai kaɗai ne a kan kujerar. Duk “mun yi” da ka faɗa, biro ba ya motsi, domin ba su san ko kai ka yi ko wanka ba.

Na daɗe ina tunanin wannan, kuma a ganina ba a nemi mu zubar da kunya ba. Yabon kai shi ne ka ce, “Ni mutum ne mai hikima, na iya zama da manya.” Wannan hukunci ne ka yanke wa kanka, kuma shi ne ainihin abin da ba a so a intabiyu ma. Amma “na bari sai bayan isha na same shi shi kaɗai” ba yabo ba ne, rahoto ne. Ba ka ce kana da hikima ba, ka faɗi abin da ya faru, su suka ga hikimar suka rubuta. A duk amsar nan tawa babu inda na siffanta kaina da kalma ko ɗaya. Kuma ban ƙwace aikin kowa ba: malamin noma ya sami nasa, mahaifiyata ta sami nata, Baffa ma ya fito a mutumin da ya ga gaskiya ya karɓa. “Mu” na nan a wurinta, a yanayi da sakamako. A mataki ne kawai ake so ka ware zarenka daga cikin saƙar.

Wani abu kuma game da mataki: kowane ɗaya ya zo da dalilinsa, ko da a kalma biyu. Nesa da bango saboda ɓera. Hura iska don a gano huji. Wanda bai taɓa yin aikin ba ba zai kawo waɗannan ba. Buhun nan, wanda masana na Jami’ar Purdue ta Amurka suka inganta kuma aka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007, ba wani sihiri ke cikinsa ba. Ledoji biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, in an ɗaure su da kyau ƙwarin da ke ciki sukan shanye iskar da ta rage su daina ci da haihuwa, su mutu. Huji ɗaya ya isa ya rushe aikin, haka ma yawan buɗewa. Idan ɗaya daga cikin masu tambayar ya ce, “Me ya sa ka hana a buɗe?” ina da amsa nan take, don na san yadda abin ke aiki. Zancen maganin ma ba tsoron banza ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Sai dai ban sa wannan a cikin amsar ba, kuma da gangan ne. Ba a tambaye ni lacca a kan wake ba, an tambaye ni yadda na yi da Baffa.

Sakamako yana son abin da za a iya aunawa. Ba sai kaso cikin ɗari ba, ma’aunin gida ya wadatar: kwano, dami, mangala, kwana nawa, mutum nawa. “Waken ya yi kyau sosai” magana ce mai santsi. “Kwano arba’in na zuba, arba’in muka auna” tana da inda za a kama ta. Idan ba ka tuna adadi daidai ba ka ce kimanin, kada ka ƙirƙira. Wani sakamakon kuma ba adadi ba ne, sauyin hali ne a wurin wani, kamar aiken da Baffa ya yi mini na buhu huɗu. A wurin wanda ya yi tambaya a kan saɓani, wannan ya fi kwano arba’in ɗin nauyi, domin shi ya nuna zumunci bai ɓaci ba.

Kun kuma ga na faɗi buhun da ban iya cetowa ba. Wani abokina a jami’a da na karanta masa ya ce in cire, wai yana rage armashi. Ban yarda da shi ba. Labarin da komai ya tafi sumul, kowa ya tafa, ya fi kama da wasan kwaikwayo, kuma mutanen da suka saurari ɗalibai talatin tun safe sun san ƙamshinsa. Ɗan abin da ya kuɓuce maka shi ke sa a gaskata sauran.

Hakan ya kawo mu ga masu aron labari. Na san za a sami wanda zai yanke wannan shafi ya haddace labarin wakena. Ina ba shi shawara ya bari. Masu wannan salo an horar da su su bi amsa da ƙananan tambayoyi: Nawa ka sayi buhun? A ina? Da Baffan ya ƙi fa, me ka shirya yi? Me mahaifinka ya ce da ya dawo? Wanda ya yi abin, waɗannan su ne mafi sauƙi a wurinsa, har daɗi yake ji. Wanda ya ara, a ta biyu zai fara kame-kame. Alamar da suke dubawa sananniya ce: mai aro yakan zame daga “na yi” ya koma “akan yi” ko “ya kamata a yi”. Da zarar ka ji bakinka ya koma nan, ko da labarin naka ne, ka san ka sauka daga hanya, ka dawo kan ranar da abin ya faru.

Tambayar da ta fi firgita mutane ita ce ta kuskure: “Faɗa mana lokacin da ka gaza.” Tsarin bai sauya ba, wurin da nauyin amsar yake ne ya matsa. Bari in ba ku misali da wata ƙanwata, da izininta. An ba ta riƙon kuɗin adashen ajinsu, su goma sha biyu. Ba ta rubutawa, ta dogara da ƙwaƙwalwa, sai a mako na biyar aka sami gardama a kan ko wata ta zuba ko ba ta zuba ba, kuma ba hujja. Idan za ta ba da wannan, kuskuren zai shiga cikin yanayi ne, a faɗe shi a fili cikin jimla ɗaya: “Ban rubuta ba, laifina ne.” Ba “an samu matsala” ba. Matakin kuma shi ne abin da ta yi bayan nan: ta cike giɓin daga kuɗinta na kitso, ta sayi ƙaramin littafi ta ja layi goma sha biyu, ta sa duk mai zubi ta sa hannu a gaban shaida ɗaya. Sakamako, adashen ya zagaya har ƙarshe ba a sake gardama ba, zango na gaba kuma suka sake ba ta riƙo. Kun ga ashe ’yan mata ma ba su rasa labari ba. Riƙon adashe, rainon ƙanne ranar da uwa ta kwanta asibiti, sasanta rikicin layi a bakin famfo, duk kaya ne. Abin da za a guje wa shi ne kuskuren ƙarya irin na “matsalata ita ce na cika son aiki”, da kuma wanda ya yi muni har ya taɓa amana.

Dabarar tana da iyaka, kuma gara ku sani. Ba kowace tambaya take ɗauka ba. In an ce, “Me ya sa kake son karanta aikin gona?” ko “Gaya mana ko kai wane ne,” kada ka tsaya neman yanayi da nauyi, amsa kai tsaye. Kada kuma ka riƙa kiran sunayen gurabun da baki, kana cewa “yanayin shi ne, nauyin shi ne,” kamar mai karanta allo. Su ji su a cikin labarin ba tare da an nuna musu da yatsa ba. Sannan ba ta ƙirƙirar abin da babu. Tsari ne na jera kaya, in ba kayan ba abin jerawa.

Akwai kuma batun harshe. Yawancin irin wannan zama da Turanci ake yi, kuma na ga ɗalibai masu labari mai kyau sun rikice don suna neman manyan kalmomi. Abin da ya yi mini aiki a karo na biyu da na shiga intabiyu shi ne na fara jera labarin da Hausa har ya zauna daram, sannan na mai da shi Turanci da gajerun jimloli, irin na aji uku. Ban haddace jimlolin ba. Na haddace tashoshin ne kawai: zaure, bayan isha, buhu ɗaya, huji, katako, kwano arba’in. Wanda ya haddace kalma bayan kalma, in aka katse shi a tsakiya sai ya koma farko. Wanda ya riƙe tashoshi, daga inda aka tsaya zai ɗora. In tambaya ta zo ba ka shirya mata ba, ba laifi ka ce a ba ka ɗan lokaci ka tuna. Shirun daƙiƙa biyar ya fi amsar da na bayar a birni.

Ga aikin wannan mako. Ku sami shafi biyu a bayan littafi, ku tono labari huɗu daga shekara biyun da suka wuce: ɗaya na saɓani, ɗaya na kuskure, ɗaya na ranar da lokaci ya ƙure muku, kamar noman da ya haɗu da jarrabawa, ɗaya kuma na aikin da kuka ja wasu kuka yi tare. Labari ɗaya yakan amsa tambaya fiye da ɗaya. Na waken nan in an tambaye ni lallashi da shi zan amsa, in an tambaye ni amfani da abin da na koya a aji ma shi ne, sai dai in sauya wurin da zan fi daɗewa. Kowanne ku rubuta shi a layi huɗu, sannan ku ba abokin zamanku ya riƙe agogo. Aikinsa biyu ne: ya ɗaga hannu in kun wuce daƙiƙa talatin ba ku shiga mataki ba, kuma duk lokacin da kuka ce “mun”, ya tsayar da ku ya ce, “Kai me ka yi?” ko “Ke me kika yi?” Ranar farko da aka yi mini haka an tsayar da ni sau bakwai a labari ɗaya.

Wanda ya ga nasa ya zauna, ya aiko mana ta hannun editan wannan shafi, ba tare da sunayen mutanen da ke cikin labarin ba. Zan zaɓi biyu mu warware su tare a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.